Wata nawa zan ɗauka kafin in gama biyan bashin naira 500,000?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Daura. Ina son karɓar rancen naira 500,000 in rufa kwanon ɗakuna biyu da na gina. An ce mini kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari ne a wata, ni kuma abin da albashina zai iya ɗauka shi ne 40,000 duk wata. Da na raba 500,000 gida 40,000 sai na ga wata goma sha biyu da rabi, amma abokin aikina ya ce ba haka ake yi ba. Yaya zan gano watannin da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abokin aikinka ya yi gaskiya. Amsar ko dai wata 16 ce ko wata 20, kuma abin da zai raba gardamar shi ne yadda mai ba da rancen yake ɗora ruwan: a kan abin da ya rage maka, ko a kan ainihin kuɗin da ka karɓa tun farko. Bari mu fara da na farko, domin shi ne mai ɗan wuyar lissafi, idan ka kama shi na biyun wasa ne.

Wata goma sha biyu da rabin da ka samu zai yi daidai ne kawai in da babu ruwa ko kwabo. Da ruwa kuwa, dubu arba'in ɗinka ba ta tafiya gaba ɗaya kan uwar kuɗi. Ana fara cire ruwan watan daga cikinta, abin da ya saura shi ne yake rage bashin. A watan farko ana binka 500,000, kashi 3 cikin ɗari nata 15,000 ne. Ka biya 40,000, ruwa ya ci 15,000, saura 25,000 suka sauka kan uwar kuɗi, bashi ya koma 475,000. A wata na biyu ruwan 475,000 za a lissafa, wato 14,250, don haka 25,750 ne suka rage bashin, ya koma 449,250. A na uku ruwa ya sauko zuwa 13,477 da 'yan kwabbai, abin da ya shiga uwar kuɗi ya hau zuwa 26,522 da 'yan kwabbai. Kana iya ci gaba da haka a littafin rubutu layi bayan layi har bashin ya ƙare, kuma za ka sami amsa daidai, sai dai ka sha ninkawa da ɗebewa.

Amma duba waɗancan lambobi uku da kyau: 25,000, sai 25,750, sai 26,522. Kowace ta fi wadda ta gabace ta da kashi 3 cikin ɗari cif. Ba dace ba ne. Naira 25,000 da ka rage a watan farko ta daina jawo maka ruwa, ruwanta kuwa 750 ne, kuma tun da biyanka bai canja ba, wannan 750 ɗin sai ta koma cikin abin da ke rage bashi a wata na biyu. Haka abin yake tafiya kowane wata: rabon uwar kuɗi yana girma da daidai kason ruwan. To yaushe zai daina girma? Ranar da bashi ya ƙare babu sauran ruwa, ke nan dukan 40,000 ce za ta zama rabon uwar kuɗi. Saboda haka tambayarka ta koma wata tambaya mai sauƙi: sau nawa za a ninka 25,000 da 1.03 kafin ta kai 40,000?

Wannan ko da kalkuleta irin ta masu shago za ka yi shi. Rubuta 25000, danna sau 1.03, danna daidai, ka ƙirga ɗaya. Ka sake ninka abin da ya fito da 1.03, ka ƙirga biyu. A ninkawa ta 15 za ka ga 38,949, bai kai ba tukuna. A ta 16 za ka ga 40,118, ya haye. Wata 16 ke nan. Yadda ya haye da ɗan kaɗan yana gaya maka cewa biyan ƙarshe zai yi kusa da cika dubu arba'in amma ba zai kai ba.

Wanda ba ya son ƙirge sai ya bi gajeriyar hanya, wadda ita ce dai wannan lissafin aka dunƙule. A ce n yawan watanni ne, P uwar kuɗi ce, M biyan wata, r kuma ruwan wata ɗaya bayan an raba shi da ɗari, wato 3 ta zama 0.03:

```
n = ln( M / (M - P*r) ) / ln(1 + r)
```

Maɓallin ln yana cikin kalkuletar yawancin wayoyi, sau da yawa sai ka kwantar da wayar a gicciye yake bayyana. A naka lissafin, 40,000 a raba da 25,000 ya ba da 1.6. Ka danna ln na 1.6 ka sami 0.4700, ln na 1.03 kuma 0.02956. Raba na farko da na biyu, ya fito 15.9. Idan maɓallin log kaɗai ka gani, yi amfani da shi, amsa ɗaya za ta fito muddin shi ka danna sama da ƙasa. Abin da ya bi bayan ɗigo kullum sama ake kai shi, ko da 15.1 ne, domin wata ba ya rabuwa a wurin biya. Abin da 15.9 ke nufi shi ne cikakken biya sau 15, da wani guda wanda bai cika ba. Bayan biya na 15 za a bi ka 35,027, ruwan wata ɗaya a kanta 1,051, don haka biyanka na ƙarshe 36,078 ne. Jimillar abin da zai fita daga aljihunka 636,078, ruwa a ciki 136,078.

In kana da kwamfuta a ofishin makaranta, ko manhajar Excel ko Google Sheets a waya, layi ɗaya ya wadatar:

```
=NPER(0.03,-40000,500000)
```

Kada ka manta alamar ɗebewa da ke gaban 40000. Manhajar tana ɗaukar kuɗin da ya shigo hannunka da wanda ya fita a matsayin kishiyoyi, in ka bar su duka babu alama sai ta ba ka -10.77, kuma duk lokacin da ka ga watanni sun fito da alamar ɗebewa, nan matsalar take. In kuma ta nuna maka #NUM! to ba lalacewa ta yi ba, tana gaya maka ne cewa biyan da ka saka bai fi ruwan wata ba.

A nan nake so ka tsaya sosai, domin lambar da ke tafiyar da komai ba 500,000 ba ce, ba kuma 40,000 ba ce, tazarar da ke tsakanin biyanka da ruwan watan farko ce. Ruwan watan farko 15,000 ne. Wanda yake biyan 15,000 daidai duk wata zai shekara goma yana biya a kan kari, ranar da ya je tambaya a ce masa har yanzu 500,000 ake binsa, kuma ba a cuce shi a lissafi ba, ruwa kawai ya yi ta biya. Wanda yake biyan ƙasa da haka, in yarjejeniyar ta ce a ɗora ragowar ruwan a kan uwar kuɗi, bashinsa ma hauhawa yake yi. Kamar mai kwarfar rijiya ne da guga: in abin da yake fitarwa bai fi abin da idon rijiyar ke kawowa ba, ba zai taɓa ganin ƙasanta ba.

Shi ya sa rage biya ba ya ƙara watanni daidai-wa-daida. Ka ɗauka wani ya ce maka ka sassauta wa kanka, ka riƙa biyan 20,000, rabin abin da ka yi niyya. Hankali zai ce watanni za su ninka, daga 16 su koma 32. Ba haka ba ne. Tazararka ta faɗo daga 25,000 zuwa 5,000, kuma kafin 5,000 ta girma ta kai 20,000 sai ta ninka sau huɗu, wanda zai ɗauki wata 47, kusan shekara huɗu, ka biya wajen 938,000 a kan rancen 500,000. Wanda ya sauko zuwa 16,000 kuwa tazararsa dubu ɗaya ce tak, wata 94 ke gabansa, kuma zai biya kusan miliyan ɗaya da rabi. Ta ɗaya gefen, in ka iya matsawa zuwa 50,000, lissafi ya ba da 12.07, wato bayan biya na 12 saura 3,279 kacal. Irin wannan in ka gan shi, ka haɗa ɗan guntun a biyan na 12 ka huta, ba sai ka shiga sabon wata saboda shi ba. A ra'ayina, duk rancen da ruwan watansa na farko ya cinye fiye da rabin biyan mutum, ya kamata ya sake tunani a kansa, ko ya rage abin da zai karɓa. Naka bai kai nan ba, 15,000 cikin 40,000 ne.

Yanzu ɗaya hanyar, wadda ita ce ta fi yi wa mutane ba-zata. Akwai masu ba da rance, musamman wasu ƙananan bankuna da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da manhajojin rance na waya, da ke lissafa ruwa a kan ainihin kuɗin da aka karɓa tun daga watan farko har na ƙarshe, ko nawa ka riga ka biya. A takarda ko a fuskar waya za ka ga an rubuta `flat`, ɗayan kuma `reducing balance`. In naka `flat` ne, ruwa 15,000 ne a watan farko, 15,000 ne a na goma, 15,000 ne a na ƙarshe lokacin da abin da ya rage maka bai wuce 25,000 ba. Rabon uwar kuɗi ba ya girma, 25,000 ne kullum, don haka babu buƙatar ln:

```
n = P / (M - P*r)
```

Raba 500,000 da 25,000, wata 20. Za ka biya 800,000, ruwa 300,000 a ciki, fiye da ninkin 136,078 na ɗazu. Dukansu biyu kuma “kashi 3 a wata” aka kira su, babu wanda ya yi maka ƙarya a baki. In ka juya lissafin ka tambaya wane kaso ne a kan ragowa zai sa mutum ya biya 40,000 har sau 20 a kan 500,000, za ka tarar kusan kashi 5 ne a wata. Saboda haka in wani ya ce maka kashi 4 a kan ragowa, wani ya ce kashi 3 a kan ainihin kuɗi, na kashi 4 ɗin ya fi maka sauƙi, duk da lambarsa ce ta fi girma a kunne.

Yadda za ka gane wanne ne ba sai ka dogara da bakin ma'aikaci ba, shi ma wani lokaci abin da aka koya masa ya faɗa yake faɗa. Ka nemi jadawalin biya kafin ka sa hannu, wato takardar da ta jera kowane wata da ruwansa da ragowarsa. Kada layin farko ya ruɗe ka, domin a hanyoyin biyu iri ɗaya ne: ruwa 15,000, ragowa 475,000. Layi na biyu ne mai tona asiri. In ruwansa 14,250 ne, ragowa 449,250, to a kan ragowa ake yi maka. In ya sake zama 15,000, ragowa 450,000, to wata 20 ne a gabanka. Idan ba su da jadawali, tambaya ɗaya ta isa: “Nawa zan biya gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe?” Raba abin da suka faɗa da 40,000, watanninka sun fito.

Wani wurin da ake yawan zamewa shi ne kason ruwan kansa. Kai an gaya maka na wata, amma manyan bankuna sun fi faɗin na shekara. Kashi 36 a shekara shi ne kashi 3 a wata, raba shi za ka yi gida 12 kafin ka saka shi a lissafi. Wanda ya manta ya saka 0.36 zai ga ruwan watan farko ya fito 180,000, ya zarce biyansa nesa ba kusa ba, kalkuleta ta ƙi ba shi amsa. Ka kuma tabbatar da kanka cewa a takarda an rubuta na wata ne ko na shekara, domin in da kashi 3 ɗin na shekara ne, ruwan watan farko 1,250 ne kawai, kuma a wata 13 ka gama. Tsakanin wata 13 da 16 da 20 duk kalma ɗaya ko biyu ce a cikin takardar. Bankuna da yawa kuma kwana-kwana suke ƙirga ruwa, saboda haka wata mai kwana 31 ya ɗan fi Fabrairu tsada. Wannan zai sa lambobinsu su bambanta da naka da 'yan ɗaruruwan naira, yawanci bai isa ya canja yawan watanni ba sai in amsarka ta faɗo dab da cikakkiyar lamba.

Sai batun kuɗaɗen gefe, irin kuɗin fom da na gudanarwa da inshora. Ka tambaya ko cire su za a yi daga abin da za a ba ka, ko ɗora su za a yi a kan bashin. In cirewa ne, watanninka suna nan 16, sai dai abin da zai shiga asusunka bai kai 500,000 ba, ka san da haka kafin ka yi ciniki da mai kwano da kafinta. In ɗorawa ne, uwar kuɗin ce ta canja. A ce misali sun ɗora 10,000, ta zama 510,000. Ruwan watan farko ya koma 15,300, tazara 24,700, lissafi ya ba da 16.3, wato ka shiga wata na 17.

Duk wannan ya ginu ne a kan cewa ba za ka tsallake wata ba, alhali kai da ni mun san albashi yakan makara, hidimar azumi da Salla ma ba ta duba jadawalin banki. Ka ɗauka ka kasa biya a wata na huɗu, sannan ka ci gaba da 40,000 ɗinka kamar kullum. Mutane sukan ɗauka wata ɗaya ne kawai zai ƙaru a ƙarshe. Amma waccan 40,000 da ba ka biya ba tana zaune cikin bashin tana tara nata ruwan har wata goma sha biyu, kafin wata na 16 ta zama 57,030. Sakamakon haka sai a wata na 18 za ka gama, da biyan ƙarshe na wajen 15,142, kuma jimillarka ta ƙaru da kusan 19,000, wannan ma in ba su ci ka tara ba. Tsallake wata a farkon bashi ya fi tsallakewa a ƙarshensa tsada saboda wannan dalilin.

Haka nan abin yake aiki in ka juya shi. A ce kana da ɗan kiwo a gida, bayan biya na shida ka kai raguna kasuwar Mai'aduwa ka sami 100,000 ka zuba a kan bashin. A lokacin ana binka 338,290, sai ya koma 238,290. Ba sai ka nemi sabuwar dabara ba, ka ɗauki wannan ragowar a matsayin sabuwar uwar kuɗi ka maimaita abin da muka yi: ruwan wata 7,149, tazara 32,851, amsa 6.7, wato saura wata 7. Ka gama a wata na 13 maimakon 16. Wannan ita ce hanyar da za ka bi duk lokacin da wani abu ya canja a tsakiya, ko an ƙara kason ruwa, ko kai ka ƙara biya: karɓi ragowar ranar daga wurinsu, ka lissafa daga nan. Sai dai ka fara tambaya ko suna karɓar biyan gaba ba tare da caji ba, kuma ko a kan uwar kuɗi za su sauke shi. A rancen da ake ɗora ruwa kan ainihin kuɗi, sau da yawa an riga an ƙayyade jimillar tun ranar sa hannu, biyan gaba zai rage maka watanni amma ba lallai ya rage ruwan ba.

Na san a garinmu ba a maganar kuɗin ruwa ba tare da maganar riba ta taso ba. Hukuncinta na malamai ne, ni lissafi ka tambaye ni. Amma tun da kwano da katako kake nema ba tsabar kuɗi ba, yana da kyau ka san yadda lissafin yake a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012. A tsarin murabaha su ne za su sayi kayan, su sayar maka a kan farashin da kuka amince tun farko, ribarsu a ciki, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. A nan rabawar da ka yi tun farko ita ce daidai, sai dai farashin sayarwa za ka raba, ba kuɗin sayen kayan ba. In misali kayan 500,000 ne suka sayar maka 620,000, raba da 40,000 ya ba da 15.5, wato cikakken biya sau 15 da 20,000 a wata na 16. Wannan 620,000 misali ne na kawo don lissafi, farashin gaske sai ka ji daga bakinsu, sannan ka ajiye shi kusa da 636,078 da 800,000 ka gwada.